Ruwan kurkure baki mai alkohol bayan burushi

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi ruwan kurkure baki a kemis, mai zafin nan, sai na ga ashe akwai alkohol ciki. Yana da amfani in riƙa kurkurewa da shi bayan na yi burushi? Kuma akwai wanda bai kamata ya yi amfani da shi ba?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ni dai shawarata kar ka yi shi nan take bayan burushi, ko mai alkohol ne ko marar shi. Dalili kuwa, abun da ke kare haƙori daga rami a cikin makilin shi ne fuloraid, ka juya bayan makilin ɗinka za ka ga an rubuta kamar 1450 ppm, wato yawan fuloraid ɗin da ke ciki, to yawancin ruwan kurkura na kanti nashi bai wuce 225 ba, wani ma babu ko kaɗan. Ka ga kenan ka shafa mai ƙarfi sai kuma ka bi da mai rauni ka wanke. Ko ruwan buta ma ba a so ka kurkure da shi bayan burushi, ka tofar da kumfar kawai ka bar sauran ya kwana a haƙori. In kana son ruwan kurkurar ka nema mashi wani lokaci daban, misali bayan abincin rana, ka auna yadda aka rubuta a kwalba, ka kurkura daƙiƙa 30 ka tofar, kar ka ci kar ka sha sai an yi minti 30.

Zafin nan da kake ji har hawaye su fito, mutane na ɗauka shi ne aikin. Alkohol ɗin ne ke raɗaɗi, wasu kwalaben yana kaiwa kashi 20 zuwa sama cikin 100, kuma an fi zuba shi don ya narkar da mayukan da ke ciki irin su mental da taimol. Akwai marasa alkohol da ke yin aikinsu lafiya lau.

Inda abun ya fi damuna shi ne masu bushewar baki, don a gidanmu nan Daura na gani da idona. Hajiyarmu na da suga da hawan jini, maganin da take sha dama yana busar mata da baki, ga hunturu ya shigo. Ta fara kukan bakinta na wari, ni da kaina na sawo mata mai alkohol, safe da dare tana yi. Bayan kamar sati uku sai na lura tuwo ma ba ya wuce mata sai ta kora da ruwa, cikin dare ta tashi sau biyu sau uku neman kofi, harshe ya yi ja ya tsattsage, in ta kurkura sai ta riƙe kumatu tana salati. Warin kuwa awa ɗaya ya dawo. Da muka shigo Katsina wajen likitan haƙori ya ce miyau shi ne ke wanke baki dare da rana, bakin da ya bushe ne ke wari, mu kuma mun ƙara mashi abu mai ƙona shi. Ya kankare mata tsatsar da ta daskare a gindin haƙora, ya ce a aje kwalbar, ta riƙa kurɓar ruwa akai-akai, ta goge harshe, makilin da dare kar ta kurkure. Wallahi kafin wata ya zagayo ta dawo cin tuwonta da miyar kuka ba kuka.

Haka wanda ke da gyambo a baki, ko aka cire ma haƙori kwanan nan, ko ake ma gashin cutar daji a wuya ko kai, duk su nisance shi. Yara kuma ƙasa da shekara 6 ba a ba su ruwan kurkura kowane iri don haɗiyewa suke, mai alkohol kuwa sai sun wuce 12, kuma don Allah a ɗaga kwalbar sama, kalarta kamar lemo ce. Wanda Allah ya shirya ya bar shan giya shi ma kar ya kusance shi, ɗanɗanon kaɗai na iya tado mashi da sha'awa. Mai shan filajil ya dakata sai ya gama maganin da kwana biyu. Batun hukuncinsa a addini na malamai ne, amma in zuciyarka ba ta kwanta ba marar alkohol na nan a kemis, ka duba jerin kayan haɗin a bayan kwalba.

In kuma jini kake gani a dasashi lokacin burushi ko asuwaki shi ya sa ka saya, ka je a duba maka, don tsatsar da ta riga ta daskare ba ruwan da ke cire ta sai an kankare.