Biya sau huɗu a shagon intanet: wa ke bin bashin, kuma yaushe ake cire kuɗin?

Tambaya: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maradi. Yayana da ke zaune a Faransa zai sayo mini kwamfuta ta yuro 480. Ya turo mini hoton shafin biya, an rubuta "4x sans frais", ya ce yuro 120 kawai za a cire ranar saye, saura ni in riƙa aika masa duk wata. Don Allah yaya abin yake tafiya? Mai shagon ne ke ba da bashin?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya saka wa yayanka da alheri.

Na yi shekaru a can, kuma cikinsu na yi aiki a wani ƙaramin shagon intanet mai sayar da kayan lantarki, ni ke amsa koken masu saye. Rabin wasiƙun da ke zuwa teburina a kan wannan biya sau uku ko sau huɗu suke. To bari in ba ka abin da na gani da idona.

Mai shago ba ya ba yayanka bashin ko dala. Nan ne abin ya bambanta da wanda muka saba a babbar kasuwa, inda Alhaji zai ba ka kaya ya rubuta sunanka a littafi, don ya san mahaifinka, in wata ya yi tsauri ka je ka gaishe shi ka nemi ƙarin kwana. A shagon intanet mutum na uku ne ke shiga tsakani, kamfanin da sana'arsa ke nan. A Faransa za ka ga sunaye irin su Alma, Oney, Floa, Klarna, ko PayPal. ƴan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Saudiyya sun san Tabby da Tamara, aikinsu iri ɗaya ne. Kamfanin yana biyan mai shago kuɗin kayan gaba ɗaya, bayan ya cire ladarsa, sannan ya juyo ya bi mai saye. Daga wannan lokacin mai shago ya fita daga maganar kuɗi, abin da ya rage masa shi ne aika kaya.

Ga yadda abin ke tafiya a shafin biya, cikin minti biyu. Yayanka ya sa kwamfuta a kwando, ya zo shafin biya, ya zaɓi biya sau huɗu. Nan take shafin zai miƙa shi hannun kamfanin. Za a tambaye shi suna, ranar haihuwa, adireshi, lambar waya, sai lambar katin banki. Wani lokaci su nemi hoton katin shaida. Cikin daƙiƙoƙi na'urarsu za ta duba irin katin, ta duba ko ya taɓa yin mu'amala da su ya kuma biya a kan kari, ta duba girman kuɗin, ta yanke hukunci. Babu mutumin da ke zaune yana karantawa, shi ya sa in an ƙi ba a faɗin dalili, kuma mu a shago ba mu da ikon sa baki. In an amince, za a nuna masa jadawali, a allo ana rubuta "échéancier", da ranaku huɗu da adadin kowace. Ya amince da sharuɗɗa, bankinsa ya aiko masa saƙon tabbatarwa a waya, ya tabbatar, sai a cire kason farko.

Ka kula da wannan wurin sosai, don nan mutane ke tuntuɓe. Tabbatarwar da ya yi sau ɗaya ita ce izinin dukkan cirewa huɗu. Kamfanin ya ajiye bayanin katin. Ranar kaso na biyu ba wanda zai tambaye shi ya danna wani abu. Da kansu za su shiga su ɗauka, galibi bayan saƙon tunatarwa kwana kaɗan kafin nan.

Mu yi lissafin kwamfutarka. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kuma wannan farashin a ɗaure yake, ba ya hawa da sauka kamar na naira da muke canzawa kullum. Wannan sauƙi ne gare ka, don abin da za ka aika a watan farko shi ne na watan ƙarshe. Yuro 480 ya kama sefa 314,859, wato kusan jika 315. Kashi huɗu, kowane yuro 120, sefa 78,715, ka ce jika 79. In akwai kuɗin kai kaya, misali yuro 12, ana raba jimillar ne, 492, kowane kaso ya zama 123. Don haka kada ka tsaya ga adadin da ke ƙarƙashin hoton kwamfutar, ka ce ya turo maka hoton shafin ƙarshe mai jadawali.

Yanzu ranaku. A ce ya saya ranar 27 ga Oktoba. Wani kamfanin yana bin ranar wata: 27 ga Nuwamba, 27 ga Disamba, 27 ga Janairu. Wani kuma kwana yake ƙirgawa, 30 da 60 da 90, sai ranakun su zama 26 ga Nuwamba, 26 ga Disamba, 25 ga Janairu. Ka ga sau huɗu ba wata huɗu ba ne. Cikin wata uku an gama, tunda na farko ya fita tun ranar saye. Da dalili suka tsaya nan: a dokar Faransa, bashin da bai wuce wata uku ba kuma ba shi da wani caji mai yawa ya daɗe yana wajen ƙa'idodin bashin masu saye, shi ya sa ake ba da shi ba tare da tulin takardu ba. Tarayyar Turai ta yi sabuwar doka a 2023 da ta shigo da irin wannan biyan ƙarƙashin ƙa'idodin bashi, an sa ta fara aiki a Nuwamba 2026. A Amurka kuwa tazarar mako biyu ce, a gama cikin mako shida, don haka in ka ga bayani daga can kada ka ɗauka naku ne.

Ranar da aka danna ita ke haifar da sauran ranakun, kuma wannan ya taɓa ci na. Na sayi waya ranar 28 ga wata, alhali albashina sai 5 ga wata yake shiga. Kason farko ya wuce lafiya. Na biyu ya zo ya tarar asusuna da saura kaɗan, aka ƙi biya. Suka sake gwadawa bayan kwana biyu, aka sake ƙi. Kafin albashi ya shigo an ɗora mini tarar jinkiri, kuma na yi watanni duk lokacin da na zaɓi biya kashi-kashi a wurinsu sai a ƙi ni. Da na jira kwana takwas na saya 6 ga wata, da duk ranakun sun faɗo bayan albashi. Shi ya sa nake cewa ku zauna kai da yayanka ku duba yaushe kuɗi ke shigo maka, ko kuɗin tallafin karatu ne ko na wata sana'a, sannan ya zaɓi ranar saye. Ka kuma riƙa aikawa aƙalla mako ɗaya kafin ranar cirewa, don aika kuɗi daga nan zuwa can yana da caji nasa, kuma sai ya karɓa ya sa a asusun da katin ke kai. Cajin aikawa sau uku ka haɗa shi cikin kuɗin kwamfutar tun yanzu.

Bashin da sunansa yake, ba da naka ba. Kai daga Maradi da katin bankin nan ba za su ba ka ba, suna neman mai adireshi da kati na ƙasar. In ka makara, shi za a ci tara, shi za a rufe wa ƙofa, in abin ya daɗe a miƙa sunansa ga kamfanin karɓar bashi. A wasu sharuɗɗan ma in kaso ɗaya ya faɗi suna da ikon neman duk abin da ya rage a lokaci ɗaya. Na ga zumunci ya yi sanyi a kan irin wannan, yaya yana can ana aiko masa wasiƙun gargaɗi, ƙane yana nan yana ganin ai kwana biyar ne kawai ya ƙara.

Sai maganar "sans frais". Ma'anarta mai saye ba ya biyan ƙari, mai shago ne ke ɗaukar ladar kamfanin. A ce ladar kashi 4 cikin 100 ce, misali nake bayarwa don kowane shago da yarjejeniyarsa, to daga 480 mai shago zai karɓi 460.80, kamfani ya riƙe 19.20. Ya yarda da haka ne don mutumin da ya ga 120 ya fi saurin saye a kan wanda ya ga 480. Amma akwai shagunan da ke juya cajin kan mai saye, a rubuta "avec frais", kuma galibi a kason farko ake ɗora shi. Gane shi ba wuya: ka haɗa adadin huɗun da ke jadawali. In ya ba da daidai kuɗin kwando, babu ƙari. In ya ɗara, bambancin shi ne abin da kuke biya don jinkirin. Na san da yawa cikinmu zuciyarsu na kan batun riba, kuma ya kamata. Ni ba malami ba ne da zan yanke hukunci, amma in za ka tambayi malaminku ka kai masa abubuwa uku a fili: kamfani ne ya biya mai shago, jimillar ta yi daidai da farashin hannu da hannu ko ta ɗara, kuma akwai sharaɗin tara in an makara.

In an ƙi shi a shafin biya, ya fara duba katin. Kamfanoni da yawa ba sa karɓar katin da ake loda wa kuɗi, ko katin wucin gadi na intanet, ko wanda wa'adinsa zai ƙare kafin kaso na ƙarshe. Wani lokaci kuma iyakar abin da banki ya yarda a kashe da katin cikin wata ce ta cika.

Na ƙarshe, mayar da kaya, kuma a nan ne na fi amsa koke. A Turai wanda ya sayi abu ta intanet yana da kwana 14 daga ranar da ya karɓa ya fasa. Sai dai mayar da kwamfuta ga shago ba ya tsayar da jadawali da kansa. Sai kayan sun isa, shago ya duba, ya sanar da kamfanin, sannan a soke kason da suka rage a mayar da wanda aka riga aka cire. In ranar cirewa ta riski wannan tsakanin, za a cire, daga baya a mayar. Wata mata ta mayar mana da na'ura, ta kwashe kuɗinta daga asusu tana ganin magana ta ƙare, kaso na biyu ya faɗi, aka rubuta mata jinkiri a kan kayan da ba su hannunta. Sai da muka yi ta rubuce-rubuce kafin aka share. In wani ɓangare na kayan kawai aka mayar, misali jakar kwamfuta ta yuro 40, yawanci daga kason da suka rage ake rage shi, ba a turo kuɗin a hannu.

Wannan ya shafe ku kai tsaye, don kwana 14 ɗin za su ƙare tun kwamfutar ba ta samu mai tahowa da ita Yamai ba, balle ta iso Maradi. Ka ce masa ranar da ta iso hannunsa ya buɗe, ya kunna, ya gwada allo da batir da madannai da wurin caji, ya ajiye takardar saye, sannan ya ba matafiyi.