Magen da ke gani da dare amma take laluben nama

"Magena tana cafke ɓera da daddare, amma in na ajiye mata tsokar nama a gaban hancinta sai ta yi ta lalube. Ko idonta ne ya samu matsala?"

'Yar uwa, lafiyarta ƙalau, haka idon mage yake. Abin da bai kai nisan santimita 25 ba, dishi-dishi take ganinsa, sai ta koma ga hanci da gashin baki. Da dare kuwa baƙin idonta kan buɗe sosai, sannan can bayan idon akwai wani shimfiɗi mai ƙyalli kamar madubi da ke maido da hasken da ya shiga, shi ne ma ke walƙiya in kin haska ta da tocila. Kusan kashi ɗaya cikin shida na hasken da mutum ke buƙata ya ishe ta. Amma fa a duhu ƙirin, ita ma ba ta ganin komai.

Ki gwada ta da auduga, tunda auduga ba ta yin ƙara in ta faɗi: ki tsaya ɗan nesa ki saki ƙulli ɗaya. In ta bi shi da ido, shi ke nan. In kuwa baƙin idon ya ƙi tsukewa ko a tsakiyar rana, tana kuma karo da kujeru, musamman in ta tsufa, ki hanzarta kai ta wurin likitan dabbobi, don hawan jini kan makantar da su.