Saƙon asibiti ya ce in zo da azumi: amsoshin likita

Tambaya: Likita, an turo mini saƙo cewa gwajin jinina ya tashi daga ƙarfe 11 zuwa 7:30 na safe, kuma in zo da azumi. In yi sahur ke nan?

Amsa: A'a, Malam. Kalmar azumin ce ke ruɗar mutane. Wanda ya yi sahur da ƙarfe biyar ya zo bakwai da rabi, a lokacin ne abincin ke shiga jininsa, sai sukarinsa ya fito sama alhali ƙila lafiyarsa ƙalau. Gwajin sukari yana buƙatar aƙalla awa 8 ba ci. Idan har da na kitsen jini, awa 9 zuwa 12 ake so. Ka gama tuwon darenka kafin 9:30, ka samu awa 10 cif, ya wadatar da duka biyun. An matso da lokacin ne don yawancin azumin ya wuce kana barci. Kada kuma ka ƙi cin abincin dare don neman sakamako mai kyau, tsawaita yunwa ma tana karkata sakamakon.

Tambaya: Ruwa ma ba a sha? Shayi fa, ko ɗan goro?

Amsa: Ruwa zalla kam, ki sha, Hajiya. Ƙishirwa tana sa jijiya ta lafe, a yi ta sukar hannu ana nema. Amma ban da shayi ko da babu sukari, ban da koko, kunu, lemo, goro, cingam da taba. Idan kin manta kin kurɓi koko, ki faɗa wa mai ɗibar jinin a ɗaga zuwa wata safiyar. Sukarin azumi da ya kai 126 mg/dL shi ne iyakar da ake zargin ciwon sukari, kuma kofi ɗaya na koko mai zaƙi zai iya tura mutum can.

Tambaya: Ina da ciwon sukari, ina allurar insulin da safe. Yaya zan yi?

Amsa: Kai ne ka fi kowa buƙatar wannan sammakon. Insulin ko ƙwayar glibenclamide a kan cikin da babu komai na iya kayar da sukari ƙasa sosai. Yawanci ana jinkirta maganin safe sai an ɗibi jini an karya, amma ka kira likitanka tun kafin ranar, kada ka canja da kanka. Ka tafi da abin karyawa da maganinka a jaka. Idan ka ji gumi, rawar jiki ko jiri kana kan layi, ka sha abu mai zaƙi nan take ka sanar da ma'aikata. Maganin hawan jini kuwa ana shansa da ruwa kamar kullum, sai in an ce maka ka dakata.