Imel ɗin neman abu: aikin da ranar su fito tun daga sama

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan da na fara aiki a ofishin wata makaranta. Idan na tura wa shugabanmu ko malamai imel ina neman wani abu, sai a yi shiru har lokaci ya ƙure, in na yi magana a ce ba a san da gaggawa ba ne. Alhali na rubuta komai a ciki. Ta yaya zan tsara shi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na shekara fiye da goma ina riƙe da harkar sayayya da takardu a ofis, kuma abin da ya fi gyara min rubutu shi ne ranar da na tsaya kusa da ogana ina kallon yadda yake duba saƙonninsa. A waya yake dubawa, a tsaye, yana shirin shiga taro. Abu uku kawai wayar ke nuna masa a kan kowane saƙo: sunan mai aikowa, taken saƙon (abin da aka rubuta a gurbin Subject), sai 'yan kalmomin farko na cikin saƙon. Taken ma in ya yi tsawo wayar guntule shi take yi, ƙarshensa ba ya fitowa. Da wannan ɗan abin yake yanke shawarar wanda zai buɗe yanzu da wanda zai bari sai ya zauna. Shi kuwa zaman nan wani lokaci sai bayan kwana uku.

To mu kuma yadda aka koya mana wasiƙa, da gaisuwa ake farawa, a tambayi iyali da aiki, a kawo tarihin maganar, sannan can ƙasa a faɗi buƙata. A zaure wannan shi ne ladabi, kuma ba na raina shi. Amma a imel sakamakonsa shi ne abin da mutum zai gani a wayarsa bai wuce "Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan" ba, buƙatar kuma tana binne a sakin layi na huɗu.

Bari mu ɗauki misali daga irin aikinki. A ce jarrabawa za ta fara ranar Litinin 27 ga Oktoba, mai buga takardu ya ce aikin zai ci naira 480,000, yana buƙatar kwana biyar na aiki, kuma ba zai fara ba sai ya ga kuɗi. Ga yadda da yawanmu za mu rubuta. Take: "Game da jarrabawa". A ciki kuma gaisuwa layi uku, sai tunatarwa cewa a taron da ya wuce an tattauna batun bugu, sai labarin masu bugu uku da aka tuntuɓa, sai a rufe da "muna fatan za a duba da wuri". Duk abin da ke ciki gaskiya ne, amma shugaba zai gama karantawa bai san me ake so ya yi da hannunsa ba. A duba me? Ya karanta ne kawai, ko ya zaɓi mai bugu, ko ya sa hannu? "Da wuri" kuma a wurinki gobe ne, a wurinsa wataƙila ƙarshen wata.

Kafin ki taɓa madannai, ki fara lissafo ranar daga baya. Jarrabawa 27 ga wata. Kwana biyar na bugu su ne Litinin 20 zuwa Juma'a 24. Ke nan dole kuɗi ya fita ranar Juma'a 17, kuma akanta na son takardar da aka sa wa hannu ta iso masa kwana ɗaya kafin nan. Ranar da za ki ba shugaba ita ce Alhamis 16 ga Oktoba. Kin ga ranar nan ba ke kika ƙirƙire ta ba, aikin ne ya haifar da ita, kuma wannan zai yi miki amfani nan gaba kaɗan. Sai ki rubuta haka:

Take: Sa hannu zuwa Alhamis 16 Oktoba: kuɗin buga jarrabawa

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ina neman ka sa hannu a takardar biyan naira 480,000 na buga jarrabawa, zuwa ƙarfe 12 na ranar Alhamis 16 ga Oktoba. Takardar na haɗe da wannan saƙo, kwafinta kuma na kan teburinka.

Dalilin ranar: mai bugu na buƙatar kwana biyar na aiki bayan an biya shi, jarrabawa kuma za ta fara Litinin 27. Idan kuɗin bai fita ranar Juma'a 17 ba, takardun ba za su iso a kan lokaci ba.

Mun karɓi farashi daga wurare uku, wannan ne mafi sauƙi. Sauran biyun ma na haɗa su idan kana son dubawa. Na gode, Allah ya ƙara girma.

Ki lura da taken. Aikin na fara sakawa, sai rana, sai batun a ƙarshe, domin idan waya ta guntule shi, abin da zai ɓace shi ne wanda ya fi sauƙin ganewa daga cikin saƙon. Kuma aikin abu ne da ake yi a gama: sa hannu, amince, turo, zaɓi ɗaya, cike fom. Kalmomi irin su "duba", "lura" da "game da" ba su da ƙarshe, mutum zai iya karantawa ya ɗauka ya sauke nauyinsa. Ko da Turanci ofishinku ke rubutu, jerin bai canzawa.

Na san abin da zai tsaya miki a rai, domin ni ma ya tsaya min: yaya ƙaramar ma'aikaciya za ta yanka wa shugabanta wa'adi? A nan ne dalilin ranar yake aiki. Idan kika ce "zuwa Alhamis" kika yi shiru, zai iya zama kamar umarni. Idan kika biyo shi da "saboda mai bugu na buƙatar kwana biyar", kin zama mai sanar da shi halin da ake ciki, wanda shi ne aikin da aka ɗauke ki ki yi. Gaisuwar ma ba a jefar da ita ba, an taƙaita ta ne zuwa layi ɗaya. "Ranka ya daɗe" da "ina neman" sun ɗauke nauyin ladabin. Idan akwai barka ko jaje da ya kamata ki yi, ki sa shi a ƙarshe, ko ma ki taka ki yi da baki, ya fi daraja. Ban taɓa ganin shugaban da ya yi fushi don an gaya masa rana tare da dalili ba. Na dai ga waɗanda suka yi fushi don ba a gaya musu ba sai da abu ya lalace.

Yanzu maganar rubuta ranar kanta, wadda a nan na fi shan wahala. Wata shekara muna aiki da wasu abokan hulɗa a Amurka, na nemi su turo wata takarda na rubuta 6/5, ina nufin 6 ga Mayu. Su a can wata suke fara rubutawa kafin rana, sai suka karanta shi 5 ga Yuni. Wata guda cur muka yi asara, kowa na ganin yana kan daidai. Tun daga nan nake rubuta sunan wata da haruffa, in haɗa da sunan ranar mako. Sunan ranar yana taimaka wa mai karatu ya ji kusancin abin, kuma idan na yi kuskuren lamba, rashin dacewar biyun zai sa wani ya tambaya. Ki guji "gobe", "jibi" da "mako mai zuwa", domin goben wanda ya buɗe saƙo ranar Laraba ba ita ce taki ta ranar Litinin ba. Hatta "kafin Alhamis" tana da rikici: wani zai ce Laraba ce ƙarshe, wani zai kawo miki ranar Alhamis da magariba ya ce bai saɓa ba. Sa awa yana kashe wannan gardama. Idan kuma mutumin yana wata ƙasa, ki ce "agogon Najeriya". Mu da Nijar agogonmu ɗaya, amma Ghana tana bayanmu da awa ɗaya, Saudiyya kuma tana gabanmu da awa biyu.

Batun malamai da kika ambata ɗan daban ne, saboda mutane da yawa ne. Saƙon da aka tura wa mutum ashirin aka ce "a taimaka a turo sakamako", kowa zai ɗauka da wani ake. Ki ce "kowane malamin aji ya turo min sakamakon ajinsa", ko in mutum biyu ne ke da aikin, ki kira sunansu a layin farko, kowa da nasa. Gurbin To na wanda zai yi aikin ne, Cc na wanda ake so ya sani kawai. Idan kika zuba kowa a To, kin ɓatar da wannan bambanci. Haka nan kada ki cusa buƙatu uku marasa alaƙa a saƙo ɗaya. Abin da na sha gani shi ne a amsa mafi sauƙin, a manta da sauran, saƙon kuma ya riga ya koma sahun waɗanda aka karanta.

Kalmar "GAGGAWA" da manyan baƙaƙe, ki ajiye ta sai ranar da ake buƙatar abu cikin 'yan awanni. In kina sa ta kullum, cikin wata ɗaya za a daina ganinta. A irin wannan ranar ma imel kaɗai ba ya isa, sai kin bi shi da kira. Kuma wannan tsari na neman aiki ne daga wanda ya san ki. Wanda bai taɓa jin sunanki ba, ki ba shi jimla ɗaya ta gabatarwa, wace ce ke kuma daga ina, sannan buƙatar ta biyo nan take.

Idan ranar ta matso ba a amsa ba, a misalinmu ranar Laraba da safe, ki danna Reply a kan saƙonki na farko domin takardar da bayanin su kasance wuri ɗaya, ki rubuta layi biyu: "Ranka ya daɗe, ina tunatarwa kan sa hannun nan, zuwa ƙarfe 12 na ranar Alhamis 16 ga Oktoba." Ba sai kin sake kawo tarihi ba. Sai dai ki tuna Reply ba ya sake ɗaukar fayil ɗin da aka haɗa, yana can a saƙon farko, don haka in kina so ya same shi da dannawa ɗaya, ki sake haɗa shi.

A makonnin farko, kafin ki tura wa shugaba, ki fara tura wa kanki, ki duba a wayarki ba tare da kin buɗe ba. Idan daga abin da ya fito a jerin saƙonni kin ga aikin kin ga ranar, ki tura. Idan gaisuwa kawai kika gani, ki koma ki ɗauko jimlar buƙatar daga inda take ki kai ta sama.