Wani kamfani ya nemi in koya wa ma'aikatansa Excel: da me zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da koyar da kwamfuta a Zariya, kwamfutocina shida. Wani kamfanin rarraba kaya ya nemi in koya wa ma'aikatan ofishinsa goma sha biyu Excel tun daga tushe. Sun iya buga wasiƙa, amma ba su taɓa yin lissafi a kwamfuta ba. Me zan koya musu, kuma yaya zan yanka kuɗin aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya sa albarka a wannan ciniki. Shawarata ita ce ka ɗora darasin gaba ɗaya a kan abu guda da kowane ma'aikaci ya sani, wato rajistar zuwa aiki da suke sa wa hannu kowace safiya. Wanda ya san littafin a takarda, shi da kansa zai gane idan kwamfuta ta ba shi amsar da ba ta yi daidai ba, kuma wannan ganewar ita ce abin da mai kamfanin yake biyan kuɗi a kai.

Zama uku ya isa, awa biyu biyu. A zaman farko kada ka taɓa fomula ko ɗaya. Kowa ya buɗe sabon shafi, ya rubuta Suna a akwatin A1, sannan Litinin zuwa Asabar daga B1 zuwa G1, ya jera sunayen ma'aikata shida na ƙirƙira daga A2 zuwa A7. Na ce na ƙirƙira, domin idan ka sa sunayen abokan aikinsu na gaskiya, ajin zai koma gardamar wanda ya fi makara. Sai ku tsayar da harafi ɗaya ga kowane hali: Z ya zo, M ya makara, F ya yi fashi, U yana da uzuri. Dokar kuwa ita ce harafi ɗaya a akwati ɗaya. Wanda ya saba da biro zai so ya rubuta "ya zo amma a makare", ko ya bar wurin fayau idan mutum bai zo ba. Ka hana tun ranar farko, don abin da ba a rubuta iri ɗaya ba, ba ya ƙirguwa. Ragowar lokacin ya tafi wajen faɗaɗa layin tsaye, adana fayil da suna mai ma'ana, da sake nemo shi bayan an rufe. Za ka yi mamakin yawan waɗanda wannan na ƙarshen yake kayarwa.

Zama na biyu shi ne zuciyar aikin. Ka sa su fara ƙirga kwanakin mutum na farko da yatsa, su rubuta a takarda. A ce layinsa ya kasance Z, Z, M, F, Z, F. Ya zo kan lokaci sau 3, ya makara sau 1, ya yi fashi sau 2. Bayan nan ne za su rubuta wannan a H2:

```
=COUNTIF(B2:G2,"Z")
```

Idan 3 ta fito, sai su maimaita a I2 da "M", a J2 da "F", a K2 da "U", su ja fomulolin ƙasa zuwa layi na 7. A L2 kuma su haɗa huɗun da `=SUM(H2:K2)`. Wannan layin L shi ne mai gadin rajistar: tunda kwanakin aiki shida ne, duk wanda jimillarsa ba ta kai 6 ba, akwai ɓaraka a layinsa.

A nan ne za ka ba su atisayen da ya fi kowanne amfani. Ka shirya fayil da ka ɓata da gangan, ka ce su nemo laifin. A wani akwati ka buga Z sannan ka danna tazara a bayanta. Ido ba zai ga bambanci ba, amma COUNTIF ba za ta ƙirga shi ba, sai jimillar mutumin ta tsaya a 5. A wata fomular ka cire alamun zance da ke kewaye da harafin, Excel zai nuna 0 ko da harafin yana nan a layin. A wata kuma ka sa B2:F2 maimakon B2:G2, Asabar ta salwanta ba tare da wani gargaɗi ba, kuma irin wannan ne mafi haɗari, domin amsar tana fitowa tsaf kamar gaskiya. Ƙaramin harafi z kuwa ba matsala ba ne, fomular tana ɗaukarsa daidai da babba. Idan sun sha wahalar neman tazarar nan, sai ka nuna musu maganinta: a zaɓi B2 zuwa G7, a shiga Data, a danna Data Validation, a zaɓi List, a rubuta `Z,M,F,U`. Daga nan wanda ya buga wani abu daban, akwatin zai ƙi karɓa.

A zama na uku ka shigo da kuɗi, nan ne hankalin kowa zai dawo. A ce albashin wata naira 78,000 ne, kwanakin aiki 26, kenan kuɗin yini 3,000. Su rubuta 3000 a N1 kawai, babu alamar naira, babu kalma. A M2 su sa:

```
=(6-J2)*$N$1
```

Mutumin nan mai fashin kwana biyu zai tashi da 12,000 maimakon 18,000 na mako. Ka bar su su fara gwadawa babu alamar dalar, su ja ƙasa. Mutum na biyu zai samu sifili, saboda fomular ta zame zuwa N2 inda babu komai. Wanda ya ga haka da idonsa ba zai manta amfanin `$` ba, kuma maɓallin F4 yana sanya ta da dannawa ɗaya. Sai su canza N1 zuwa 3500 su ga kuɗin kowa ya sauya nan take. Amma ka gaya musu wannan atisayen lissafi ne. Ko za a yanke wa ma'aikaci kuɗin fashi, wannan maganar yarjejeniyarsa ce da kamfani, ba hurumin malamin kwamfuta ba.

Batun farashi kuwa, kada ka zaunar da mutum biyu a kwamfuta ɗaya don ka gama da wuri. Ɗaya zai yi ta dannawa, ɗayan yana kallo. Raba su rukuni biyu na mutum shida, wato awa 12 na koyarwa ke nan. Lissafa man janareta na awa 12, da takardun atisaye, da cinikin buga takardu da za ka rasa yayin da kwamfutocin suke hannun ɗalibai, wanda yawanci shi ake mantawa. Ɗora ladan koyarwarka a kai, ka ba kamfanin farashi ɗaya na rukunin duka, don kada rashin zuwan mutum uku ya zama asararka. Karɓi rabi kafin a fara.

Kafin ranar farko ka leƙa ofishinsu ka ga abin da ke kan kwamfutocinsu. Idan LibreOffice Calc ne ko WPS, fomulolin nan za su yi aiki, sai dai wurin da ake samun Data Validation ya ɗan bambanta, gara ka koyar a kan abin da za su tarar ranar Litinin. Jarrabawar ƙarshe kuma ka miƙa wa kowa shafin rajista na takarda mai mutum goma, ka ba shi minti talatin ya mayar da shi Excel har layin L ya nuna 6 daga sama zuwa ƙasa. Waɗannan fayilolin za ka kai wa manaja ranar karɓar cikon kuɗinka.