Kafin ka ba dillali riyal 800, duba abin da jikinka ke yi da asuba

Malam, shekaruna 27, ina aikin tuƙi a Jidda. Bara na je gida da hutun kwana 45 aka ɗaura mini aure, amma a daren farko gabana ya ƙi miƙewa, kuma har na dawo sau biyu kawai abin ya yiwu. Da asuba kuwa nakan farka da ƙarfina. Mahaifiyata ta ce an ɗaure ni ne, yayyena sun ce basir ne. Wani dillali ya ce in ba shi riyal 800 a kawo mini magani daga gida. Saura wata biyu in koma hutu, barci ya ƙaurace mini.

Ƙanena, amsarka tana cikin abin da ka faɗa game da asuba. Namiji mai lafiya gabansa yakan miƙe kamar sau uku zuwa biyar cikin dare yana barci, ba da saninsa ba, kuma wannan ba ya yiwuwa sai jijiyoyin jini da na saƙo suna aiki daidai. Da a jiki matsalar take, kamar yadda ciwon suga ko hawan jini ke lalata jijiyoyi, da a hankali za ta shigo, ta yi ta ƙaruwa, ta kuma bi mutum ko'ina, yana barci ko yana farke. Irin wannan lalacewa tana ɗaukar shekaru, shi ya sa ba kasafai ake ganinta ga wanda bai kai talatin ba. Taka rana ɗaya ta zo, kuma wurin iyalinka kaɗai take bayyana.

Miƙewa tana bukatar jijiyoyin gaba su saki jini ya cika su. Idan mutum ya tsorata, jiki yakan fitar da sinadarin adirenalin, wanda aikinsa shi ne ya matse waɗannan jijiyoyi. Ka tuna halin da ka shiga ɗakin nan: ka sauka daga jirgi da gajiya, ka kwana uku kana hidimar biki, yarinyar a waya ka fi saninta, ga kwanakin bizarka kana ƙirgawa. Gazawar daren farko ba abin mamaki ba ce. Abin da ya tsawaita ta shi ne a dare na biyu hankalinka ya bar matarka ya koma gadin jikinka, kana jiran ka ga ko zai sake ba ka kunya, wannan jiran kuwa shi kansa tsoro ne.

A nan ina da magana da danginka. Hajiya tana da haƙƙin addu'a da damuwa, amma babu wanda ke da haƙƙin tambayar ango kowace safiya yadda aka kwana, ko ya sa masa wa'adin ciki kafin jirginsa ya tashi. Sirrin shimfiɗarka bai kamata ya kai zauren yayyenka ba tun farko. Ka gaya musu cikin ladabi cewa ka ga likita, ka rufe zancen. Basir kuma ba ya kashe gaba, ko da masu talla a tasha sun rantse.

Dillalin nan ka rabu da shi. Sau da yawa ana samun irin wannan gari da zuma an cakuɗa su da sildinafil, ƙwayar asibiti ta ƙarfin gaba, ba tare da an san adadinta ba. Na ga wani yaro mai sikila da ya sha irin wannan haɗi, gabansa ya ƙi kwanciya, kunya ta hana shi fita sai da gari ya waye, alhali miƙewar da ta wuce awa huɗu asibiti ake kai ta da gaggawa. Wasu kuma tiramadol suke ɗurawa, wanda yawan shansa ke ƙara kashe sha'awa, kuma a Saudiyya kama mutum da shi ba takardar likita yana kai shi kurkuku, a kuma kore shi daga ƙasar.

Ka ɗauki igamarka, wato katin izinin zamanka, ka je asibitin da inshorarka ke biya, a auna hawan jini da suga, a ɗebi jini da safe don duba sinadarin maza na testostiron. Ka faɗa wa likita gaskiya idan kana shan taba ko wata ƙwaya, domin wasu magungunan damuwa ma suna rage ƙarfi. Idan ya ga ya dace ya rubuta maka ƙwaya ta ɗan lokaci, ka karɓa daga hannunsa.

Kafin ka tashi, ka kira matarka ka gaya mata cewa ba ƙinta kake yi ba, domin ina kyautata zaton haka take tunani. Idan ka isa, ku yi yarjejeniya cewa makon farko babu saduwa, sai hira da wasa da kwana tare, a ɗakin da ba a jin motsin mutanen gida. Idan gabanka ya miƙe a wannan makon, kada ka yi gaggawar gwadawa, ka bar shi ya kwanta ya sake tashi.