Rubutun shafukana ba ya karantuwa daga bayan zaure

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan gabatar da jawabi a wani zaure mai tsawon kusan mita 20, majigin wurin tsoho ne, haskensa dishi-dishi. A kwamfutata shafukan PowerPoint ɗin sun fito tas, amma a allo sai launukan su koɗe, kuma girman rubutun ya bambanta daga shafi zuwa shafi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin ka taɓa kwamfuta, ɗan'uwa, ka je zauren da tef ɗin awo ka auno tsayin hoton da majigin ke fitarwa a allo, daga sama zuwa ƙasa. Hoton nake nufi, ba kyallen allon ba, domin sau da yawa hoton bai cika allon. Wannan awon shi zai gaya maka girman rubutun da za ka yi, ba idonka da ke zaune kusa da kwamfuta ba.

Ga lissafin. Tsayin shafin PowerPoint na asali inci 7.5 ne, wato lamba 540 a ma'aunin girman rubutu. Idan hoton da ke allo ya kai mita 2, rubutu mai lamba 18 zai ba da babban harafi mai tsayin da bai kai santimita 5 ba. Mutumin da ke nesa da mita 20 kuwa, don ya karanta ba tare da ƙanƙance ido ba, yana son harafin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin 200 na tazararsa, wato santimita 10. A taƙaice, raba nisan kujerar ƙarshe da tsayin hoton, ka ninka da huɗu. A naka zauren, idan tsayin hoton mita 2 ne, 20 a raba da 2 ya ba da 10, sau huɗu 40. Saboda haka jikin rubutu lamba 40, kanu 48 ko 54. Ka iya sauka zuwa 36 idan ta kama, amma da majigi mai rauni ba zan ba ka shawarar yin ƙasa da haka ba. Na san abin da zai biyo baya: layi ɗaya ba zai ɗauki fiye da kalma biyar ko shida ba, shafi kuma layi biyar. Hakan daidai ne. Shafin da ya cika, a raba shi biyu ko uku, sauran bayanin ya fito daga bakinka.

Akwai wata asara da ba a cika lura da ita ba. Tsofaffin majigai da yawa 1024×768 ne, siffar 4:3, alhali sabon PowerPoint yana buɗewa da 16:9. Idan ka haska shafi mai faɗi a irin wannan majigi, baƙin fili zai bayyana sama da ƙasa, hoton ya rasa kwata na tsayinsa, lamba 40 ɗinka ta koma tamkar 30. Shiga Design > Slide Size ka zaɓi Standard (4:3) tun kafin ka fara shirya shafuka.

Batun launi shi ne ya fi buƙatar a fahimce shi. Majigi ba ya iya haska baƙi. Abin da kake gani baƙi a allo, farin kyalle ne da majigi bai haska ba, don haka iyakar duhunsa shi ne duhun zauren. Ɗauki majigi mai ƙarfin haske lumen 3000 a allo mai mita 2 da mita 2.7: kowace murabba'in mita tana samun wajen 560. Ƙwan majigi idan ya tsufa haskensa kan ragu zuwa rabi, sai ya koma 280. Idan fitilu da tagogin zaure suna zuba 100 a kan allon, fari ya zama 380, baƙi 100. Ka ga baƙi wuluk a kan fari fat ma bai kai ninki huɗu ba a bambanci. To ina ga rubutu ruwan toka, ko rawaya a kan fari? Ɓacewa za su yi. Idan kuwa aka kashe fitilun da ke kusa da allo, aka ja labulen tagogin gaba, har hasken ya sauka zuwa 30, sai ya zama 310 da 30, ninki goma. Babu gyaran da za ka yi cikin kwamfuta da zai ba ka wannan ribar.

Shi ya sa a zauren da ba za a iya duhunta shi ba na fi son farin bango `#FFFFFF` da baƙin rubutu `#000000`, ko shuɗi mai duhu sosai kamar `#1F3864` ga kanu. Baƙin bango yana kyau a ɗaki mai duhu, amma a nan toka-toka zai fito. Launi ɗaya ya isa don jaddada kalma, shi ma mai duhu, a haɗa shi da kaurin rubutu. Ka guji ja a kan shuɗi ko a kan baƙi. Don gwaji, shiga View > Grayscale: duk abubuwa biyun da suka saje da juna a can, suna iya sajewa a allo. A jadawali kuma, rubuta sunan kowane layi a jikinsa, kada ka bar mutane suna neman wane launi ne na wane.

Sai bambancin girma tsakanin shafuka. Yawanci ba kai ka jawo shi ba. PowerPoint yana matse rubutu da kansa idan akwati ya cika, sai lamba 40 ta koma 29 a wannan shafi, 33 a wancan. Maganinsa a wuri ɗaya yake: View > Slide Master. Zaɓi shafin farko na can sama, wanda ya fi sauran girma, ka saita nau'in rubutu, girmansa da launinsa a nan. Danna akwatin rubutun da maɓallin dama na linzamin kwamfuta, Format Shape > Text Options > Text Box, ka zaɓi Do not Autofit. A nan ne kuma za ka ja gindin akwatin sama kaɗan, ka bar kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasan shafi babu muhimmin abu, domin a zaure mai shimfiɗaɗɗen daɓe kawunan na gaba suna tare wa na baya wannan wurin. Nau'in rubutu ya zama mai kaurin jiki marar ado, irin Arial ko Verdana, ba siriri mai Light a sunansa ba.

Ka rufe Slide Master, ka zaɓi duk shafukan da Ctrl+A a jerin gefen hagu, ka danna Home > Reset. Kanu da jikin rubutu za su koma mazauni ɗaya da girma ɗaya. Shafin da ya ƙi sauyawa, rubutunsa yana cikin akwatin da aka zana da hannu ne ta Insert > Text Box, wanda ba ya bin Slide Master. Yanke rubutun ka zuba shi cikin akwatin asali na shafin. Idan za ka kwafo shafi daga wani fayil, zaɓi Use Destination Theme wajen liƙawa, in ba haka ba zai zo da nasa launuka.

Ranar taron ka riga mutane zuwa. A menun majigin fitar da shi daga Eco, ka sa shi a Presentation ko Bright, ka goge gilashin da tattausan ƙyalle, ka daidaita shi har gefen haruffa ya fito sarai. Sannan ka buɗe shafin da ya fi kowanne cika, ka bar fitilu yadda za su kasance lokacin jawabi, ka je kujerar ƙarshe ta kusurwa ka karanta layin da ya fi ƙanƙanta. Idan sai da ka miƙa wuya, matsar da majigin baya ba zai taimaka ba: hoton zai girma amma haskensa ya ƙara raguwa. Koma Slide Master ka ƙara lamba huɗu, ka raba shafin da rubutu ya tumbatsa.